An kira ka tiyata ranar Talata, ofis na son sanarwar mako biyu: yaya za ka yi?

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin wannan mako saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba, da kuma masu son su ajiye su sake dubawa.

Yau magana ce a kan neman hutu cikin gaggawa. A wurin aikinka an ce duk mai son hutu ya sanar mako biyu kafin lokaci, wani wurin ma wata guda. Kai kuma sai ga kira daga asibiti an ce aikin da kake jira za a yi shi ranar Talata mai zuwa, ko kuma ka buɗe waya ka ga an saka ranar jarrabawa nan da kwana huɗu. To, me za ka ce wa oga, kuma da wace hujja? Na ga matasa da yawa sun sha takardar tuhuma a kan wannan, wasu an yanke musu albashi, wasu kuma sun bar damar tiyatar ta wuce saboda tsoron buɗe baki. Mafi yawansu suna da gaskiya, yadda za su gabatar da ita ne ba su sani ba.

Zan ɗauki misali ɗaya in bi shi daga farko har ƙarshe, na tiyata, daga baya in taɓa na jarrabawa saboda akwai inda suka bambanta.

A ce saurayi ne mai kula da sito a wani kamfani a Kano, yana aiki Litinin zuwa Juma'a. Yana da kaba, an duba shi a asibitin gwamnati tun wata huɗu da suka wuce, an ce sai an yi aiki, an sa sunansa a layi. Ranar Laraba 9 ga wata, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, aka kira shi aka ce ya zo a kwantar da shi Litinin 14, a yi aiki Talata 15. Dokar kamfaninsu mako biyu ce. Abin da ya rage masa kafin ya tafi shi ne ragowar Laraba, da Alhamis, da Juma'a.

Abu na farko da nake so ku riƙe: a irin wannan magana ranaku uku ne ake dubawa. Ranar da ka sani, ranar da ka sanar, da ranar da abin zai faru. Tazarar da ke tsakanin ranar da ka sani da ranar tiyata ba kai ka tsara ta ba, asibiti ne. Amma tazarar da ke tsakanin ranar da ka sani da ranar da ka sanar, wannan kam taka ce, kuma a kanta za a yi maka hukunci. Idan an kira ka Laraba da safe ka sanar Laraba da azahar, babu mai hankalin da zai ce ka yi sakaci. Idan kuwa ka zauna kana juya maganar a zuciya har Juma'a bayan masallaci, to kwana biyun nan da ka ɓata su ne za su zama laifinka, ko da kuwa ciwon gaskiya ne. Shi ya sa nake cewa kada rana ta faɗi ba ka sanar ba. Ko takardar asibiti ba ta zo hannunka ba tukuna, ka sanar, ka ce takarda na tafe gobe.

Kuma ka adana shaidar lokacin da ka sani. In saƙon tes ne, ka ɗauki hotonsa yadda ranar da lokacin za su fito. In kira ne, ka ɗauki hoton jerin kiran da ya shigo wayarka. Wannan ɗan hoton shi ke raba mai uzuri da wanda ake zargin ya daɗe da sani ya yi shiru.

Abu na biyu: oga zai tambaye ka, a fili ko a zuciyarsa, me ya sa ba za a ɗaga ba? Kaba ai ba haɗarin mota ba ne, ka yi wata huɗu da ita kana zuwa aiki, me zai hana ka ƙara mako biyu? Tambaya ce mai ma'ana, kuma ya kamata amsarta ta kasance a bakinka. A asibitocin gwamnati, aikin da ba na gaggawa ba layi ake bi. Kowane rukunin likitoci yana da ranakunsa na shiga ɗakin tiyata a mako, kuma mutanen da za a iya yi wa aiki a rana ɗaya ƙidayayyu ne. Sau da yawa abin da ke kawo kiran gaggawa shi ne gurbi ya buɗe: wani da ke gabanka jininsa ya hau, ko bai kawo masu ba da jini ba, ko kuɗinsa bai cika ba, sai a jawo na baya. Wani lokacin kuma yajin aiki ne ya ƙare, ana ta rage cunkoson da ya taru. Idan ka ce ba za ka samu zuwa ba, za a ba wa wani gurbin, kai kuma ka koma jira, babu wanda zai yi maka alkawarin rana. Ga kuma gwaje-gwajen da aka yi maka, wasu sai an sake su in lokaci ya ja, kuɗi ne sabo. Sannan ita kanta kabar, haɗarinta shi ne hanji ya maƙale a ciki jini ya daina kai masa. In hakan ta faru, aikin gaggawa ne a tsakar dare, kuma jinyar ta fi tsawo. Ma'ana ko don amfanin kamfanin, gara hutun kwana goma da aka shirya masa da a wayi gari an ɗauki mai sito ranga-ranga, makulli na aljihunsa.

Ba sai ka yi wa oga lacca ba. Jimla biyu sun isa: asibiti ne ya sa ranar, in na bari ta wuce zan koma bayan layi, kuma likita ya ce jinkiri na da haɗari. Sai dai wannan ta ƙarshen, ka faɗe ta ne kawai in likitan ya faɗa maka.

Abu na uku, takarda. Ka koma asibitin ka nemi wasiƙa a kan takardar asibiti mai tambari, da sa hannun likita da sunansa da kwanan wata. Abubuwa uku nake so ka tabbatar suna ciki: ranar kwanciya da ranar aiki, kwanakin da likita ke ganin za ka yi kafin ka koma aiki, da kuma, in zai yiwu, layi ɗaya da ke cewa ranar kaza aka sanar da kai. Wannan layin na ƙarshe mutane ba sa tunawa da shi, alhali shi ne ke wanke ka daga zargin gajeren lokaci. Ka roƙi likitan cikin ladabi, ka ce wurin aiki ne ke buƙata.

Sunan ciwon fa? Ba dole ba ne ya fito. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗauki bayanin lafiyar majiyyaci a matsayin sirri, asibiti ba ya da ikon baza shi ba da yardarka ba, in ban da wasu 'yan yanayi da dokar ta keɓe. Wasiƙa za ta iya cewa za a yi masa aikin tiyata, yana buƙatar hutun kwana kaza, shi ke nan. Wannan ya fi shafar 'yan'uwanmu mata, wadda za a cire mata ƙari a mahaifa misali, ba ta son maganar ta zagaya ofis. 'Yar'uwa, ki ce wa likita ya rubuta ranaku da tsawon hutu kawai. In ofis ya nace sai ya san ƙarin bayani, ki nemi a haɗa likitanki da likitan kamfani su yi magana tsakaninsu.

Yanzu doka. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, sashe na 16, ta ce ma'aikaci yana da haƙƙin a biya shi albashi har na kwana 12 na aiki a shekara idan rashin lafiya ta hana shi zuwa, matuƙar likita mai rajista ya tabbatar. Akwai sharaɗi a ciki: idan mai kamfani ya ce yana so likitan da ya zaɓa ya duba ka, sai ka yarda. Sashe na 18 kuma ya ba da hutun shekara aƙalla kwana 6 na aiki da albashi, bayan ka cika wata 12 kana aiki ba yankewa. Amma ku lura da kyau: ma'aikaci a wannan dokar yana nufin mai aikin ƙarfi ko aikin akawu. Manaja, injiniya, lauya, da masu muƙaman gudanarwa ba su shiga ciki ba, su abin da ke cikin takardar ɗaukar aikinsu da littafin dokokin ma'aikata ne ke aiki a kansu. Ma'aikacin gwamnatin tarayya kuma Dokokin Aikin Gwamnati ne ke kansa, jihohi ma kowace da irin nata. Saboda haka kafin ka rubuta komai, ɗauko takardar ɗaukar aikinka ka karanta inda aka yi maganar hutu.

Me ya sa wannan ya shafi gajeren lokaci? Saboda a wurare da yawa dokar mako biyun nan ta hutun shekara ce, hutun jinya kuma tsarinsa daban, takardar likita ake nema. Idan mai sitonmu ya je ya cike fom ɗin hutun shekara, da kansa ya shigar da kansa ƙarƙashin dokar mako biyu. Idan ya rubuta cewa hutun jinya yake nema, ya haɗa da wasiƙar likita, maganar ta sauya. Ka kira hutun da sunansa na gaskiya tun daga kan takardar.

To kwana nawa zai nema? A nan ne mutane ke cutar kansu. Don oga ya ji daɗi sai mutum ya ce kwana uku kawai, yana tunanin in ya nemi kaɗan za a fi saurin amincewa. Sai a yi aiki, rana ta huɗu ko miƙewa sosai ba ya iya yi, ya fara kiran waya yana neman ƙari. Yanzu ya zama mai neman uzuri sau biyu, na biyun ma babu ko sanarwar kwana ɗaya. A aikin kaba na yanka, yawanci mai aikin zama yakan koma bayan mako ɗaya zuwa biyu, zare kuma in irin wanda ake cirewa ne yakan kai kwana bakwai zuwa goma, ɗaukar kaya mai nauyi kuwa likitoci kan hana na makonni huɗu zuwa shida. Likitanka ne zai faɗi naka, amma ka tambaye shi a fili, ka gaya masa irin aikin da kake yi.

Mu lissafa na mutuminmu. Kwanciya Litinin 14, aiki Talata 15, likita ya ce mako biyu. Daga Litinin 14 zuwa Juma'a 18 kwana biyar, daga Litinin 21 zuwa Juma'a 25 kwana biyar, goma ke nan na aiki, ya dawo Litinin 28. In bai taɓa ɗaukar hutun jinya a shekarar ba, yana cikin sha biyun da doka ta ba shi, har da ragowar biyu. Sannan akwai safiyar Alhamis 10 da zai je a ɗebi jini a duba yawansa da rukuninsa, ya ga likitan da zai sa shi barci ko ya kashe masa jiki, ya karɓo wasiƙa. Wannan rabin ranar ma ya faɗe ta tun yanzu. Kuma tunda aikinsa sito ne, ya sanar cewa bayan ya dawo ba zai ɗaga buhu ko kwali ba sai likita ya sake shi.

Abu na gaba shi ne wanda ya fi saurin sauko da oga. Shi fa abin da ke damunsa, da zarar ka ce za ka tafi, shi ne wa zai riƙe sito. Idan ka zo masa da matsala kaɗai, sai ya fara neman dalilin hana ka. Idan ka zo da matsala da maganinta, aikinsa sa hannu ne kawai. Mutuminmu ya zauna ya rubuta a shafi ɗaya: kayan da ake sa ran shigowarsu a mako biyun nan, waɗanda za a fitar da masu karɓarsu, inda littafin shiga da fita ya tsaya, da wanda yake ganin zai iya riƙewa. Ranar Juma'a 11 su ƙirga kaya tare da wanda zai karɓa, su biyun su sa hannu, a miƙa makulli a gaban shaida. Wannan ƙirgar kariya ce gare shi, domin in wani abu ya ɓata yana kwance, an san a hannun wa ya ɓata. Ya kuma nuna wa oga cewa zai dawo 28, kafin ƙirgar ƙarshen wata. Sai dai kada ka yi alkawarin cewa wayarka a buɗe take kowane lokaci. Ranar aiki da washegarinta ba ka da amfani ga kowa. Ka ce daga rana ta uku za a iya turo saƙo in abu ya ɗaure.

Ga yadda takardar za ta kasance. Na san yawancinku da Turanci za ku rubuta, tsarin nake so ku ɗauka:

"Ranka ya daɗe, ina neman hutun jinya na kwana goma na aiki, daga Litinin 14 zuwa Juma'a 25 ga wata, zan dawo Litinin 28. Yau Laraba 9 ga wata da ƙarfe sha ɗaya na safe asibiti ya sanar da ni cewa za a kwantar da ni ranar 14, a yi mini tiyata ranar 15. Na san ƙa'idar sanarwa mako biyu ce. Asibiti ne ya sa ranar, kuma in ta wuce zan koma bayan layi. Na haɗa hoton saƙon, wasiƙar likita kuma zan kawo ta gobe bayan gwajin da zan je da safe. Na tsara miƙa sito ranar Juma'a 11, bayanin yana shafi na biyu. Ina roƙon amincewarka a rubuce."

Ka ga babu dogon ban haƙuri, babu labarin yadda ciwon ya fara. Ka ambaci ƙa'idar da kanka, ka nuna ka san da ita, ka faɗi abin da ya hana ka cika ta. Kuma ka fara samun ogan da ke kanka kai tsaye, baki da baki, kafin takarda ta isa ofishin kula da ma'aikata. Babu shugaban da ke son ya ji labarin yaronsa daga sama.

Yanzu inda abin ke lalacewa. Ka je ka yi bayani, oga ya ce subhanallahi, Allah ya ba da lafiya, Allah ya sa a yi a sa'a. Ka fito kana murna. Ɗan'uwa, addu'a ya yi maka, bai sa hannu ba. In ƙarshen wata ya zo mai lissafin albashi ya ga kwana goma babu kai babu takarda, yankewa zai yi, ogan kuma yana iya cewa shi bai tuna an yi maganar kwanaki ba. A aikin gwamnati ma abin ya fi tsanani, domin rashin zuwa aiki ba da izini ba yana cikin manyan laifuka a Dokokin Aikin Gwamnati. Saboda haka ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. In wurin ba su da hatimi, bayan kun gama magana ka tura masa saƙo ta WhatsApp ko imel: ranka ya daɗe, kamar yadda muka yi magana yau, zan tafi 14 in dawo 28. Ko "to" kawai ya rubuto, ka ajiye.

In Juma'a ta yi ba a ce maka komai ba fa? Ka sake tuntuɓa da safe, a rubuce. In an ce a'a, ka nemi a rubuta maka dalili, ka kai maganar gaba, wurin ofishin ma'aikata ko wakilin ƙungiyarku in kuna da ita. Ni dai ra'ayina, mutum ba ya fasa tiyatar da likita ya sa saboda fom bai dawo ba. Amma ka tafi da shaidar cewa ka sanar a ranar da ka sani, ka kawo takardar likita, ka miƙa aiki. Ko maganar ta kai ofishin ƙwadago ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, waɗannan takardun ne za su yi maka magana.

Wani abin kuma: tiyatar tana iya ɗagawa. An kwantar da kai, ka kwana ba ci ba sha, da safe a ce an samu masu gaggawa sun cinye lokacin, ko jininka ya hau, sai wani makon. Yana faruwa sosai. In haka ta faru, a ranar ka sanar da ofis, ka karɓi 'yar takarda daga asibiti, ka koma aiki washegari. Kada ka ce tunda an riga an ba ni hutu bari in huta. In aka gan ka a gari lafiya lau, an gama yarda da kai, kuma kwanakin da za ka buƙata in ranar gaske ta zo ka riga ka cinye su.

Jarrabawa kuma, ranaku ukun nan suna nan yadda suke, shaidar ce ta sauya: takardar da ka buga mai ɗauke da rana da wuri da lokaci, irin wadda masu JAMB ke bugawa 'yan kwanaki kafin jarrabawa, ko sanarwar makaranta mai kwanan wata. Bambancin shi ne Dokar Ƙwadago ba ta ba da hutun jarrabawa ba. A kamfani, in ba ya cikin takardar aikinka, roƙo kake yi, sai ka nemi a cire daga hutun shekararka, ko ka yi musayar rana da abokin aiki, ko a ƙarshe ka karɓi hutu ba albashi. Ma'aikatan gwamnati suna da hutun jarrabawa a dokokinsu, amma ya fi sauƙin samu in tun farko ofis ya san da karatun kuma ya amince. Ka lissafa da hanya: in kana Kano aka tura ka cibiya a Kaduna ƙarfe bakwai na safe, kwana biyu kake buƙata, domin sai ka kwana a can. In kuma jarrabawar neman wani aikin ce da ba ka son a sani, ka nemi rana daga hutun shekara ka ce uzuri ne na kanka. Kada ka sayi takardar asibiti ta ƙarya. Rana ɗaya kake nema, takardar jabu kuwa tana iya cinye aikin gaba ɗaya.

Na ƙarshe, ga wanda yanzu haka sunansa ke layin tiyata, ko ya yi rajistar jarrabawa ba a sa rana ba tukuna: gobe ka rubuta wa oganka layi biyu. Ka ce an sa ni a layin aiki a asibiti, ba a ba ni rana ba, kuma sukan kira ne cikin 'yan kwanaki, da zarar na ji zan sanar. Da mai sitonmu ya yi haka wata huɗu da suka wuce, ranar Laraba 9 sai dai kawai ya ce ranka ya daɗe, maganar nan da na rubuto maka ce ta zo.

A nan za mu tsaya yau. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, ya rubuto mana yadda suka ƙare da wurin aikinsa, amma don Allah ban da sunan kamfani ko na oga. Masu jiran aiki a asibiti, Allah ya sa a yi a sa'a, ya ba da lafiya mai ɗorewa. Masu jarrabawa, Allah ya ba da nasara. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.